Nasiha ga ma'aikaci: idan mai saye ya nemi abin da ƙa'ida ba ta ba shi ba

Assalamu alaikum warahmatullah.

A ce kai ma'aikaci ne a wurin da aka rubuta a jikin rasit cewa ana karɓar kayan da aka dawo da shi cikin kwana 7, muddin ba a yi amfani da shi ba. Sai ga wani dattijo ya shigo a rana ta 12 ɗauke da fanka, kwalinta a yage, ƙura ta hau fukafukanta, yana cewa a mayar masa da kuɗinsa. Kafin ka ce masa komai game da ƙa'ida, ka bar shi ya gama maganarsa, sannan ka tambaye shi: "Baba, wata matsala ta ba ku ne, ko kuwa ba ta dace da bukatarku ba?"

Wannan tambaya ce take raba hukunci biyu. Idan fankar ta zo da aibin da ya ɓoyu lokacin ciniki, to mutumin haƙƙinsa yake nema, domin malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibi, kuma wajibi ne ka gwada ta a gabansa, ka kai maganar ga mai wurin. Idan kuwa lafiyarta ƙalau, ra'ayi kawai ya sauya, to abin da yake roƙo shi ne iƙala, wato a warware cinikin da ya riga ya ƙullu. Iƙala tana da falala, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya warware wa Musulmi cinikinsa, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Sai dai wannan falala ta mai dukiya ce ko wanda ya ba izini. Kai wakili ne, kuma wakili ba ya yin alheri da abin da aka ba shi amana, ko da tausayi ya kama shi. Sharaɗin kwana 7 kuma an yi cinikin a kansa, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a hadisi.

Abin da ka mallaka shi ne harshenka da fuskarka. A Suratul Isra'i, aya ta 28, Allah ya umarci wanda ba shi da abin da zai ba mai bukata da ya faɗa masa magana mai sauƙi. Saboda haka sai ka ce: "Baba, na fahimci damuwarku, kuma ban ji daɗin wahalar da kuka sha ba. Kuɗi kam ba zan iya mayarwa ba, domin kwana 7 sun wuce kuma an yi amfani da ita. Abin da zan iya shi ne in rubuta bukatarku in miƙa wa mai wurin yau, duk abin da ya yanke zan sanar da ku gobe." Ka lura cewa an faɗi hanin a fili sau ɗaya, an kawo dalilinsa, sannan aka nuna ƙofar da take buɗe da gaske. Idan ka ce gobe, to goben ka kira shi, ko da amsar ba mai daɗi ba ce.

Inda na fi ganin mutanen kirki suna zamewa shi ne wajen kunya. Nauyin dattijo yana hana su cewa a'a, sai su ce "bari mu gani", ko su rataya maganar a kan "in sha Allahu" alhali sun san ba za a yi ba, ko su ce mai wurin ya yi tafiya yana kuwa zaune a ciki. Mutum zai tafi da rai, ya dawo sau biyu ko uku, ƙarshe ya gane an yi masa ƙarya, fushinsa ya ninka na ranar farko. Wasu kuma sukan nemi wanke kansu da zagin ƙa'idar, su ce "ni ma ban ga amfaninta ba", wanda hakan cin amanar mai wurin ne, kuma yana nuna wa mai saye cewa idan ya ƙara matsawa zai samu. Wanda yake nuna rasit da yatsa yana maimaita "doka ce" ba tare da ya ɗago kai ba, shi ma ya yi kuskure, ko da maganarsa gaskiya ce.

Idan ya ɗaga murya, kai ka sassauta taka, ka maimaita amsar ba tare da ka sauya ta ba, domin duk sabon dalilin da ka ƙirƙiro sabuwar gardama ce. Ka tuna ruwayar Bukhari game da mutumin da ya tsananta wa Annabi (SAW) magana wajen neman bashinsa, sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da ta cewa. Wanda yake gabanka yana ganin kansa mai haƙƙi ne, don haka ka yi masa uzuri a kan zafin magana. Amma idan abin ya kai ga zagi ko barazana, ba dole ba ne ka tsaya kana sha; ka ce masa, "Baba, ku yi haƙuri ku zauna, bari in kira wanda yake sama da ni," sannan ka je ka kira shi da gaske.