Ƙurar hunturu a hanci take tsayawa, hayaƙin murhu yana wucewa ciki

Tun da na zauna a ƙasar waje, duk lokacin da hunturu ya shigo nakan san ya shigo daga muryar yayata a waya. Muryar ta dishe, tana jan majina, tana cewa hazo ya rufe gari, yara duk sun kamu da mura. Sai ta ce ta hana su fita, ta sa kowa ya ɗaura ƙyalle a hanci. Amma sau da yawa a tsugune take gaban murhu lokacin da take gaya mini wannan, ina jin tana hura wuta, ga jikarta goye a baya. Na taɓa ce mata, "Yaya, wannan hayaƙin fa?" Ta ce, "Ai hayaƙi mun saba, ƙurar ce ke kashe mu." Ni kuwa ra'ayina shi ne mun ɗora tsoronmu a kan wanda ya fi surutu, mun bar wanda ya fi shiga ciki. Dalilin kuwa yana cikin girman ƙwayoyin da muke shaƙa.

A inda nake zaune, hasashen yanayi da ke waya yana nuna lambobi biyu kullum, PM10 da PM2.5. Da farko ban gane dalilin raba ƙazantar iska gida biyu ba. Ashe girma ake nufi. Ana auna ƙwayar ƙura da maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida dubu a ɗauki ɗaya. Kaurin silin gashin kai yana kai maikiron 50 zuwa 70. Lamba ta farko tana ƙirga nauyin ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 10 ba, ta biyun kuma waɗanda ba su wuce 2.5 ba. Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ƙasa ce da iska ta niƙa, kuma galibin nauyinta yana cikin manyan ƙwayoyi. Hayaƙin itace ba niƙawa ke haifar da shi ba. Tururin itacen da bai ƙone sosai ba ne ke hucewa ya dunƙule, shi ya sa kusan duk ƙwayoyinsa ba su kai maikiron ɗaya ba, da yawansu ma suna wajen 0.1 zuwa 0.3.

Hanyar numfashi kamar bishiya ce da aka kife. Daga maƙogwaro take rabuwa gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har kusan sau 23. Rassa goma sha shida na farko bututu ne kawai da ke kai iska. Daga nan ne ake fara samun 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda iska ke haɗuwa da jini. Kowace jaka faɗinta bai wuce kusan rubu'in milimita ba.

Ƙwaya mai maikiron 10 tana da nauyi, kuma nauyin ne ke hana ta tafiya nesa. Cikin hanci lunguna ne da kwana-kwana, iska na wucewa da gudu tana lanƙwasa. Iskar tana iya shan kwana, ƙwayar mai nauyi ba ta iyawa, sai ta zarce ta bugi bango ta manne a majina, kamar babbar mota da ta shigo kwana da gudu. Wadda ta tsallake hanci za ta sake gamuwa da kwana a bayan maƙoshi, da kuma wurin da maƙogwaro ya rabu. Abin da ke sa mutum atishawa, majina ta fito ja-ja ko ruwan ƙasa, maƙoshi ya yi ƙaiƙayi, ke nan. Busasshiyar iskar kuma ta tsattsage fatar cikin hanci har a yi haɓo. Duk wannan wahala ce ta gaske, amma alama ce ta cewa hanci ya kama abin.

Ƙwayar hayaƙi ba ta da nauyin da zai fitar da ita daga hanya. Duk inda iska ta bi, nan take bi, har ƙarshen rassan, inda iska ke rage gudu ta kusa tsayawa. A can abu biyu ne ke ajiye ƙwaya. Na farko faɗuwa ce a hankali. Ƙwaya mai maikiron 10 tana faɗuwa kusan milimita 3 a daƙiƙa ɗaya, mai maikiron ɗaya kuwa sai ta yi kusan rabin minti kafin ta sauka milimita ɗaya. A ɗaki wannan ba komai ba ne, amma a cikin jakar da faɗinta rubu'in milimita ne, 'yan daƙiƙu sun isa ta taɓa bango. Na biyun ya shafi mafiya ƙanƙanta, na ƙasa da maikiron 0.1, waɗanda ƙwayoyin iskar kanta ke ta tunkuɗawa nan da can har su yi karo da bango su manne. A tsakanin waɗannan biyun, wajen maikiron 0.3 zuwa 0.5, ƙwaya ta yi wa tunkuɗa girma, ta kuma yi wa faɗuwa sauƙi, don haka mafi yawanta tana shiga ta sake fitowa da numfashi. Ba na son in ɓoye wannan, domin gaskiya ne mafi yawan hayaƙin da aka shaƙa ana fitar da shi. Abin dubawa shi ne ɗan da ya rage, a ina ya zauna.

Mu ƙaddara mutum biyu, don lissafi kawai. Mace tana girki a rufaffen ɗaki na tsawon awa uku, iskar ɗakin na ɗauke da maikirogiram 1000 na hayaƙi a kowace mita murabba'i mai zurfi, wato akwatin iska mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Buɗaɗɗen murhu a ɗaki yana kai wannan, yana ma wucewa lokacin da ake hura wuta. Mijinta kuma yana waje cikin hazo na awa uku, iskar na ɗauke da nauyi iri ɗaya na ƙura mai maikiron 10. Kowannensu yana shaƙar kusan akwati ɗaya na iska a awa, saboda haka kowa ya ja maikirogiram 3000. A wajen mijin, kusan kashi 80 cikin ɗari zai tsaya a hanci da maƙoshi, abin da zai isa jakunkunan huhu bai wuce kashi biyu ba, wato kamar 60. A wajen matar, ɗan kaɗan ne zai tsaya a hanci, kusan kashi ɗaya cikin goma ya zauna a jakunkunan, wato kamar 300. Shi zai dawo gida yana atishawa kowa na yi masa sannu. Ita ta ajiye ninki biyar na nasa a can ciki, abin da aka gani kawai hawaye ne a idonta.

Lissafin nauyi ma bai faɗi komai da komai ba. Idan daga abu iri ɗaya aka yi ƙwayoyin, ƙwaya guda mai maikiron 10 daidai take a nauyi da ƙwayoyi 125,000 masu maikiron 0.2, kuma faɗin fatarsu idan aka haɗa ya ninka nata sau 50. A jikin wannan fatar ce kwalta da sauran sinadaran ƙonuwa ke manne, wasunsu an tabbatar suna jawo kansa. Ga kuma iskar kabon monoksayid, wadda ba ƙwaya ba ce, ba ta da launi ba ta da wari, kai tsaye take wucewa cikin jini. Ciwon kai da jiri bayan dogon girki a rufaffen ɗaki sau da yawa aikinta ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda jiki ke share kowanne. Daga hanci zuwa ƙananan bututu akwai shimfiɗar majina a kan wasu 'yan gashi ƙanana da ke kaɗawa ba dare ba rana, suna tura ta zuwa maƙoshi a haɗiye ko a tofar da kaki. Abin da ya faɗa a nan galibi ya fita cikin kwana ɗaya. Jakunkunan ciki ba su da wannan tsintsiya. Sai dai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su bi su haɗiye dattin ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin makonni da watanni, wani ma ba ya fita har abada. Mai girki sau biyu ko uku a rana tana zuba sabo kafin a kwashe na jiya. Shi ya sa likitoci ke samun baƙin tabo a huhun tsofaffin matan da ba su taɓa kai taba baki ba, tare da tari mai kaki da haki idan sun ɗan yi tafiya. Hayaƙin kuma yana raunana 'yan gashin nan, don haka wadda ke shaƙarsa kullum ba ta share ƙurar hunturu da kyau kamar sauran mutane.

Kada a ɗauka ina wanke ƙura. Wadda ta yi doguwar tafiya a iska ta zubar da manyan ƙwayoyinta a hanya, abin da ke rataye kwana da kwanaki ya dushe rana ƙanana ne, kuma masu maikiron ɗaya zuwa uku suna isa jakunkunan huhu sosai. Mai asma ya san haka. Wanda ke aikin ƙarfi ko gudu, ko wanda mura ta toshe wa hanci, yana komawa numfashi ta baki, ya tsallake matatar gaba ɗaya, ƙurar ta sauka ƙasa fiye da yadda lissafin can ya nuna. Bambancin da nake gani shi ne hunturu wata uku ne ko huɗu a shekara, murhu kuwa kullum ne, ga shi fuska na kusa da wutar. Jaririn da ke goye yana numfashi da sauri fiye da babba, iskar da yake ja ta fi yawa idan aka gwada da nauyin jikinsa, kuma hayaƙin girki na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon nimoniya.

Ƙyallen da yayata ke ɗaura wa yara yana tare manyan ƙwayoyi, waɗanda dama hanci zai kama mafi yawansu. Hayaƙi yana ratsa saƙar ƙyalle, yana kuma bi ta gefen kumatu. Takunkumin N95 da ya zauna daram a fuska yana tare ƙananan ƙwayoyi, amma ba ya tare iskar kabon monoksayid, kuma babu mai iya girki kullum da shi. Saboda haka na daina yi mata maganar abin rufe hanci. Abin da nake roƙonta yanzu shi ne ta fitar da murhun waje ko ta buɗe ƙofa da taga, ta bar itace ya bushe sosai domin ɗanye ya fi hayaƙi, ta kuma sauke yarinyar ta ba wani kafin ta sunkuya hura wuta. A hunturu ne wannan ya fi wuya, domin sanyi da ƙura ne ke sa ta rufe ko'ina ta shigo da wutar ciki. Na ce mata ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin girkin, ta gaya mini shekara nawa kunkunniyar ta ɗauka kafin ta yi wannan baƙin. Ta ce ba ta fi biyu ba da aka sake rufin.