Azumi ba ya wanke hanji

Makon jiya wani kawuna ya dawo daga asibiti yana faɗa, wai likita ya sallamo shi ba a gama duba hanjinsa ba, kuma sai ya sake biya. Da na matsa masa, ashe rabin maganin wanke cikin ya sha, sauran ya tuttular a makwarara. Hujjarsa ita ce wadda ta zama ruwan dare yanzu: "Ai na wuni ban ci komai ba, me ya rage a cikin?"

Abin da ya rage da yawa. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, duk lungu ne da lanƙwasa, kuma ragowar abincin shekaranjiya na nan maƙale a bangonsa ko da mutum ya kai azumi. Kyamarar da ake zurawa ta dubura, a gwajin da ake kira kolonoskofi, ba ta gani ta cikin kashi.

Shi ya sa tun saura kwana 2 zuwa 3 ake cewa a bar wake, zogale, gyaɗa, riɗi da gwaba. Ana gobe gwaji kuma sai abin sha garai, wanda in an zuba a kofin gilashi ana hango gindinsa. Kunu da fura ba sa ciki. Zoɓo ma haka, domin jansa na iya kama da jini. Shi maganin wanke cikin kuwa, lita 2 ko 4 gwargwadon irinsa, ya fi aiki in an raba shi, rabi da yamma, rabi da asuba. Sai bayan gida ya koma ruwa tsararo kamar fitsari sannan ciki ya wanku. Na kawu bai kai nan ba.

Masu cewa asibitoci kuɗi kawai suke nema da maimaita gwaji, su faɗa mana wa ya zubar da maganin.

Abin da ake farauta a gwajin ɗan tsiro ne a bangon hanji, wani bai fi ƙwayar dawa ba, wani kuma a shafe yake. Yawancinsu ba cutar kansa ba ne. Amma nau'in da ake kira adinoma na iya rikiɗewa ya zama kansa a hankali, cikin shekara 10 ko makamancin haka. In likita ya gan shi, nan take zai zarga masa 'yar waya ya yanke, a tura ɗakin bincike, mutum na gyangyaɗi saboda allurar da aka yi masa. Wanda kashi ya rufe kuwa yana nan yana girma, mai shi ya tafi gida da murnar lafiya lau.

Ma'aikatan asibiti su daina miƙa wa tsoho takarda da Turanci suna cewa "a bi umarni". A zaunar da shi, a yi masa bayani da Hausa, har da cewa ya zo da ɗan rakiya, don ba ya tuƙi sai bayan awa 24. Kawu dai an sake ba shi rana, kuma wannan karon ni zan riƙe masa kofin.