Wannan 30% ɗin da kake gani kusa da hoton gajimare a wayarka, ga abin da yake nufi

Jama'a don Allah mu tsaya mu yi magana a kan lambar nan da ke fitowa a manhajar yanayi, saboda duk damina sai an maimaita rigima iri ɗaya. Waya ta rubuta 30%, mutum ya ce ai yau babu ruwa, ya baza shanya ya tafi kasuwa, la'asar na yi hadari ya haɗo daga gabas ya tsuge, washegari ka ji ana cewa masu hasashen nan maƙaryata ne. Ko kuma ta rubuta 80% a wuni ana ƙwalla rana, nan ma a ce ƙarya ce. Ni abin yana damuna gaskiya, domin mutane suna asarar dukiya a kan lambar da ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayaninta ba, kuma bayanin ba wani mai wahala ba ne.

Ma'anarta ita ce: a daidai wurin da kake, a cikin lokacin da aka ambata, yiwuwar a sami ruwan da ma'auni zai iya kamawa kashi 30 cikin 100 ce. Wato in ka tara ranaku goma da sama ta nuna irin alamun yau, a uku daga ciki ƙofar gidanka za ta jiƙe, a bakwai ba za ta jiƙe ba. Shi ke nan fa. Ba ta ce za a yi ruwa na kashi 30 na awannin yini ba, ba ta ce ruwan mara ƙarfi ne ba, kuma ba ta ce babu ruwa ba. Uku cikin goma ba ƙaramin abu ba ne, in ka ci gaba da yin banza da ita tabbas wata rana sai ta faɗo a kanka.

Kuma kar wani ya ɗauka mu kaɗai ne muke ruɗewa. A 2005 an wallafa wani bincike da aka tambayi mutane a titunan New York da Amsterdam da Berlin da Milan da Athens me suka fahimta da wannan kashi 30 ɗin, a biranen Turai mafi yawa suka ɗauka lokaci ake nufi, wato za a yi ruwa kashi 30 na yinin. A New York ne kawai mafi yawa suka ba da amsar daidai, su kuma hukumar yanayin ƙasarsu tun 1965 take ba su hasashe da irin wannan lambar, sun saba.

To meye "ruwan da ma'auni zai kama"? Nan ne inda na fi so a tsaya. A wurin hukumar yanayi ta Amurka, wadda ma'anarta ce ta fi yaɗuwa, iyakar ita ce 0.01 na inci, wajen milimita 0.25. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, to kwata ɗinsa ka ga rabin ledar fiya wata ke nan a watsa a kan wannan filin. Ko ƙura ba zai gama kwantarwa ba. Amma in ya sauka, a lissafinsu an yi ruwa. Haka in aka kwana ana zuba kamar da bakin ƙwarya har gini ya faɗi, shi ma "an yi ruwa" ne, duk ɗaya suke a wurin lambar. Saboda haka 90% tana iya zama yayyafin minti goma, 20% kuma in ta tashi faɗowa ta zo da ruwan da zai cika kwata ya shiga ɗakuna. Mai son sanin yawan ruwa sai ya nemi inda aka rubuta mm, wato milimita, a manhajar, lambar dabam ce, yawancin mutane ba sa ma gangarawa su duba ta. Kuma ba kowace manhaja ke amfani da iyaka ɗaya ba, shi ya sa wayoyi biyu a kan tabarma ɗaya za su iya ba ka lamba biyu.

Akwai masu cewa a'a, kashi 30 na nufin kashi 30 na garin ne zai samu ruwa. Wannan maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta amma ba ta cika ba. Wata hanyar da ake bayanin lambar ita ce a ninka abu biyu: tabbacin mai hasashe cewa ruwa zai sauka wani wuri a yankin, da kuma girman ɓangaren da zai samu in ya sauka. Misali in yana da cikakken tabbaci za a yi ruwa amma kashi 30 na yankin kaɗai zai taɓa, kai da ke zaune a wuri ɗaya yiwuwarka 30 ce. In kuma tabbacinsa kashi 60 ne, ruwan in ya zo zai rufe rabin yankin, rabin 60 nawa ne? 30 dai. In tabbacinsa 30 ne kacal amma in hadarin ya iso kowa zai samu, nan ma 30. Yanayi uku mabambanta, lamba ɗaya, kuma daga kallon wayar ba za ka san wanne ba ne a ciki. Abin da ya haɗa su duka shi ne kai da inda kake tsaye.

Mu kuwa wannan ya fi shafar mu, domin ruwanmu na hadari ne mai tsawa, yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma kowa ya san yadda yake tsallake. A Kano sai a yi ruwa a Hotoro mutumin Kabuga bai ga ko ɗigo ba, musamman farkon damina da ƙarshenta. Ranar da aka rubuta 40% aka jiƙa wata unguwa aka bar taka, hasashen bai faɗi ba, kai ne ka faɗa cikin 60 ɗin.

Daga ina lambar take fitowa? Ana tattara ma'aunin iska da zafi da danshi daga tashoshi da balan-balan da tauraron ɗan'adam a loda wa manyan kwamfutoci, su lissafa yadda sama za ta kasance gobe. Amma tunda ma'aunin bai taɓa zama cikakke ba, kuma ƙaramin kuskure yau yakan girma kafin jibi, ba sau ɗaya ake lissafin ba. Cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, tana maimaita shi wajen sau 50, kowanne an ɗan sauya bayanan farko kaɗan. In 15 daga cikin 50 suka nuna ruwa a wurinka, ga 30% ɗinka nan, sannan masu manhaja su gyara ta da tarihin abin da ya saba faruwa. Sai dai dole in faɗi wannan: kwamfutocin suna raba duniya gida-gida ne, kowane gida kilomitoci da dama, hadari ɗaya kuma yakan fara a wurin da bai kai girman gidan ba, ga tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Masana da suka gwada sun samu cewa hasashen ruwan kullum na waɗannan kwamfutocin ya fi rauni a yankinmu fiye da Turai. Don haka lambar gobe ka ba ta muhimmanci, ta kwana bakwai ko goma masu zuwa kuwa kar ka ɗaura aure a kanta, kuma ka haɗa da sanarwar hukumar yanayi ta Najeriya NiMet da abin da idonka ke gani a gabas.

Masu cewa ai gaibu ne, wallahi na fahimce ku, amma ku duba lambar da kanta. Wanda ke da'awar ya san gobe ba zai ce maka uku cikin goma ba. Wannan kintace ne daga alamu, irin wanda tsohon manomi ke yi in ya ji zufa ta yi yawa iska ta tsaya cik, bambancin kawai an sa masa lamba. Saukar da ruwa na Allah ne, kiyaye shanyarka kuma aikinka ne.

Ga yadda ya kamata a yi aiki da ita. A ce ka baza masara a fili, kawo tamfol da biyan yaran da za su tsaya su tattara in hadari ya taso zai ci maka naira 5,000, in kuma ruwa ya dake ta ta yi fumfuna asarar za ta kai 50,000. Waya ta ce 30%. Lissafa ranaku goma irin wannan: in kullum ka yi tanadi ka kashe 50,000 gaba ɗaya, in kuma ka yi ko oho, sau uku za ta same ka, 150,000 ke nan. Ka ga a nan ko 20% aka rubuta tanadin ya fi riba, sai ta yi ƙasa da 10% lissafin yake juyawa. Amma mai wankin kaya kala biyu, wanda asararsa sake shanyawa ce kawai, ko 60% ya gani ya yi wankinsa. Lamba ɗaya ce, hukuncin ya danganta da abin da za ka rasa. Mai zuba kankaren dekin gini da mai watsa takin yuriya a gangaren da ruwa mai ƙarfi zai iya wanke ta, su ma kowa ya yi nasa lissafin, kuma su ne ya fi kamata su duba mm ɗin nan.

Wani abin da ake mantawa shi ne lokaci. 30% ta yini ɗaya ce, in shanyarka ta kwana uku ce kuma kowace rana 30 aka rubuta, yiwuwar ka tsira duka ukun 0.7 sau 0.7 sau 0.7 ce, wajen 34 cikin 100, in mun ɗauka ranakun ba su dogara da juna ba. Wato kusan biyu cikin uku ruwa zai taɓa ka aƙalla sau ɗaya. Haka lambobin awa-awa, ba a tara su kai tsaye, 20 da 20 da 20 ba 60 ba ce, amma kuma yiwuwar ta awa ukun a haɗe ba za ta gaza 20 ba.

Wanda kuma yake son ya san ko manhajarsa tana da gaskiya, rana ɗaya ba ta isa shari'a ba. Ka samu littafi, kullum da safe ka rubuta lambar, ka ajiye gwangwani a fili nesa da indararo, washegari ka rubuta an samu ruwa ko ba a samu ba, har damina ta fita. Sai ka ware duk ranakun da ta ce wajen 30 ka ƙirga, in an yi ruwa a kusan uku cikin kowace goma to tana aiki. Ka ware na 80 su ma, ya kamata a samu wajen takwas, wato biyu cikin goma a bushe za su wuce kuma hakan daidai ne. In ka tarar ranakun 80 ɗinta rabinsu ma ba a yi ruwa ba, to a lokacin kana da hujjar goge ta ka nemi wata.