Ƙannena masu neman aiki a intanet, ku riƙa karanta sanarwar kafin ku rubuta

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Wata baiwar Allah mai sayar da takalma ta intanet ce ta nuna min abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ta sa sanarwar aiki a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu nemansa: tana da jadawalin Excel mai layi kusan 300 na kayan shagonta, ya hargitse, tana neman wanda zai gyara shi ya mayar da shi fayil irin na CSV don ta ɗora a Shopify, manhajar da ake buɗe shagon intanet da ita. Ta ware dala 60. A ƙarshen sanarwar ta rubuta cewa duk wanda ya karanta har nan ya fara wasiƙarsa da kalmar takalmi. Kafin gari ya waye wasiƙun neman aiki sun taru, muka zauna muna dubawa. Wallahi kunya ta kama ni, don wasu sunayen irin namu ne. Mafi yawansu ba su sa kalmar ba. Wani ya ce shi gwanin zanen tambari ne, alhali ba wanda ya ambaci tambari. Wani ya kira ta ranka ya daɗe, ga shi ta gabatar da kanta a layin farko. Wani ma ya manta ya goge sunan wanda ya tura wa wasiƙar kafin ita.

Wannan ɗabi'ar ce ke ci min tuwo a ƙwarya, a rubuta wasiƙa guda, ko a karɓo ta wurin aboki, a riƙa kwafa ana liƙawa a ƙarƙashin kowace sanarwa ba a karanta ba. Sannan a dawo ana kukan cewa dandalin ba ya yi da sababbi, ko ana nuna mana bambanci. Ƙanena, kafin ka zargi kowa, buɗe wasiƙar da ka tura jiya ka karanta. In za ta dace da aikin fassara, ta dace da aikin zane, ta dace da aikin shigar da bayanai ba tare da an canja harafi ba, to ba ta dace da ko ɗaya ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Da yawanku ba ku taɓa ganin allon mai ba da aiki ba, shi ya sa. Shi ba ya ganin wasiƙarka gaba ɗaya da farko. Jerin sunaye yake gani, kowanne da hoto, da farashin da ya yanka, da layi biyu ko uku na farkon wasiƙa. Sai wanda ya ja hankalinsa zai danna ya buɗe. To kai waɗannan layukan biyu da su kaɗai ka mallaka, da me ka cika su? Da doguwar gaisuwa, da sunanka wanda yana rubuce a sama tun farko, da cewa kai haziƙi ne mai ƙwazo mai gaskiya. Duk wanda ke sama da kai a jerin haka ya ce, na ƙasa da kai ma haka. Yabon kai jahilci ne ko a gaban wanda ya san ka, balle a gaban baƙon da yake da wasiƙu hamsin a gabansa da shagon da ke jiransa.

Kuma ba kyauta kuke wannan ɓarnar ba. Kowace wasiƙa a Upwork tana cin abin da suke kira Connects, ana sayar da guda a kan santi 15 na dala. A ce aiki ya nemi 16, ka ga dala 2 da santi 40 ke nan. Ka watsa irin wannan sau ashirin, dala 48 ta tafi, ba wanda ya ko buɗe. Da ka tsaya ka zaɓi ayyuka biyar da ka iya da gaske, ka ba kowanne rabin awa, da kuɗinka ya saura, da mutuncinka ma. Amma ina, wai wanda ya riga turawa shi ke samu, sai a yi ta tsere. Gaggawa aikin shaiɗan.

Bari in gaya muku wanda ya samu aikin takalman, don shi ma sabo ne fil, ba tauraron yabo ko ɗaya a shafinsa, ba shaidar wani kwastoma. Wasiƙarsa gajera ce, ga abin da take cewa:

"Takalmi. Na duba samfurin da kika haɗa. Layukan da suke kama da maimaici ba duka ne maimaici ba, wasu takalmi ɗaya ne mai lamba daban-daban, don haka ba zan goge su ba, zan haɗa su ƙarƙashin Handle guda yadda Shopify ke so. Na kuma lura lambobin tantance kaya, wato SKU, da suka fara da sifili sun rasa sifilinsu. Kina da asalin lambobin a wani wuri? Zan fara da layi 30 a kan dala 10 ki ɗora ki gani, in ya yi miki in kammala sauran cikin kwana biyu."

Ku duba abin da ya yi. Ya sa kalmar da aka nema, ta san ya karanta har ƙasa. Ya buɗe fayil ɗin da ta haɗa, abin da sauran ba su yi ba ko da wasa. Da ya buɗe sai ya ga ramin da ke cikin aikin. A Shopify, kaya guda mai lamba ko launi daban-daban yana ɗaukar layuka da yawa, duk suna raba Handle ɗaya, wato sunan da Shopify ke gane kayan da shi. Wanda bai san haka ba zai danna Remove Duplicates, maɓallin goge maimaici a Excel, a kan sunan kaya, ya share mata lamba 41 da 42 da 43, ya bar 40 kaɗai, ya miƙa aiki yana murna. Batun sifilin ma gaskiya ne: Excel na ɗaukar 00457 a matsayin adadi ya mayar da shi 457, sai in an sa rukunin ya zama Text tun kafin a shigar. Matar ta daɗe tana mamakin me ya sa lambobin ba sa dacewa da na kwalaye. Yaron nan bai ce mata shi ƙwararre ne ba, ko sau ɗaya. Gani ya kori ji.

Tambayar da ya yi ma ba ta ado ba ce. Tambaya ce da aikin ba zai yiwu ba sai da amsarta, kuma wadda dole mai aiki ta amsa, daga nan hira ta buɗe. Ku kuwa in kun tashi tambaya sai ku ce a yi muku ƙarin bayani game da aikin, alhali bayanin na nan sakin layi huɗu a gabanku. Wannan ba tambaya ba ce, shaida ce kuka bayar a kanku cewa ba ku karanta ba. Haka tambayoyin tantancewa da wasu masu aiki ke sawa a ƙasan sanarwa. Mutum ya tambaye ka wane irin aiki makamancin wannan ka taɓa yi, ka amsa masa da "duba wasiƙata", ko ka sake liƙa wasiƙar a akwatin. Haba! Shi fa don ya tace irinku ya sa tambayar.

Sai batun rashin tarihi, wanda kullum shi ne hujjarku. Eh, mai aiki na tsoron sabo, kuma yana da gaskiya, bai san ka ba. Abin da yaron ya yi shi ne ya rage mata abin da za ta iya asara. A aikin da aka yanke farashinsa ana iya raba shi mataki-mataki, mai aiki ta zuba kuɗin matakin farko a ajiya wurin dandali, kai ka yi, ta duba, a sakar maka. Dala 10 ba za ta hana ta barci ba, shi kuma bai yi aikin banza ba. Ku lura, bai karya farashi ba. A cikin jerin akwai wanda ya ce zai yi duka a kan dala 5, ta wuce shi ba ta ko tsaya ba, ta ce wanda ya yanka haka bai san girman aikin ba. Araha ba ta ado. Kuma mai aikin da ya ce ka yi masa samfurin aikinsa kyauta tukuna, ko ku koma wata manhajar hira ya biya ka a can, ka rabu da shi. Dokar dandalin ta hana, asusunka ne zai tafi, in ya cinye maka kuɗi kuma ba wurin kai ƙara.

Tunda na taɓo nan, bari in faɗi wani abu ko da zai yi wa wasu zafi. Masu sayar muku da wasiƙar da wai ba ta taɓa faɗuwa ba, su ji tsoron Allah. Wasiƙar da aka sayar wa mutum ɗari, su ɗarin za su tura ta ga mutum guda, ya gan ta jere kamar an buga da hatimi. Da tana kawo aiki da shi mai ita yana can yana aikin. Da masu sayen asusun wani mai taurari, da masu ɗauko zanen mutane su sa a shafinsu su ce nasu ne, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ranar da aka ce a yi kiran bidiyo don tantancewa, ko a ce turo asalin fayil ɗin, ranar ake sanin ramin ƙarya ƙurarre ne. In ba ka da aikin nunawa, ka ƙirƙiri jadawali mai datti da kanka, ka gyara shi, ka sa hoton kafin da bayan, ka rubuta gaskiya cewa gwaji ne. Wannan ya fi aikin sata goma.

Abin da ya fi damuna ma bai tsaya kan wasiƙa ba, ya kai ga sauraro. Da can yaro in zai koyi sana'a, abin da ake fara koya masa shi ne ya ji saƙo har ƙarshe, ya maimaita shi, sannan ya tashi. Wanda aka aika ya ruga kafin a gama magana, dariya ake yi masa in ya dawo da abin da ba shi aka ce ba. A makaranta ma an zaunar da mu an koya mana wasiƙar neman aiki, malami ya ja jan biro a kan duk jimlar da ba ta amsa abin da aka tambaya ba. Yanzu mutum ba zai iya haƙurin karanta sakin layi huɗu ba, amma yana so a damƙa masa kundin kayan shagon wani. Ko a hira ta yau da kullum haka muke, ana magana muna shirya amsa, ido na kan waya. Ban san ranar da karatu da natsuwa ya zama abin nauyi gare mu ba.

Akwai bayanan da dandalin ke ba ku a gefen kowace sanarwa ma, su ma ba ku dubawa. Ko an tabbatar da hanyar biyan mai aikin, ko yana ɗaukar mutane in ya sa sanarwa, ko wasiƙun da aka riga aka tura sun haura hamsin, ko ya riga ya ɗauki wani. A sanarwar matar nan, bayan ta ɗauki yaron, allo na nuna an ɗauki mutum guda, amma wasiƙu ba su daina shigowa ba. Ta ƙarshe da muka buɗe, mai ita ya yi alkawarin gina mata manhajar waya cikin mako guda.