Ranar da na kai ƙuri'a guruf ɗin gidanmu

Abin da ya sa ni wannan rubutun ƙaramin abu ne, amma ya tsaya mani a rai. Makarantar renon da ɗiyata take zuwa nan Leipzig ta ƙasar Jamus suna da guruf na iyaye a WhatsApp, mu 24 ne ciki. Aka tashi shirya ranar da iyaye za su zo gyaran lambun makarantar, a kwashe ganyen da ya zuba, a shafa ma bencina fenti kafin sanyi ya shigo. Wata uwa, irin matan nan masu zuwa bisa keke da yara biyu cikin akwatin gaba ko ana ruwa, ita ta ɗauki nauyin tsayar da rana. Saƙo ɗaya tak ta turo wajen takwas na dare. Ta jera ranaku huɗu kowace da kwanan wata da lokacinta, ta biyar ta rubuta babu wadda ta yi mani, a ƙasa ta ce a danna duk ranar da mutum ke da sarari ba ɗaya kawai ba, za ta duba ranar Alhamis da shida na yamma. Shi ke nan. Ba wanda ya ce sannu da ƙoƙari, ba wanda ya ce komai, sai lambobi ke ta hawa shiru kamar ana ƙirgar kuɗi. Alhamis shida da 'yan mintuna ta turo ranar da aka tsayar. Wallahi sai da na aje wayar na yi tagumi.

Don a satin nan ɗin guruf ɗin gidanmu na Ƙofar Marusa a Katsina, mu 47, muna kan maganar zaman da za a yi kan bikin ƙanwarmu. Yaya Babba ya tambaya, yaushe kowa ke da lokaci? Kun san sauran. Na tashi da safe na tarar da saƙo ya haura ɗari, Allah ya sa alheri, amin, amin ya Rabbi, wani ya ce Lahadi bai faɗi wace Lahadin ba, wata ta yi saƙon murya na minti huɗu wanda amsar na can ƙarshe bayan gaisuwa, a tsakiya kuma wani ya turo sanarwar rasuwa aka koma ta'aziyya. Wani ƙanenmu ya yi dabara ya ce kowa ya kwafi jerin sunaye ya ƙara nashi ya sake turowa, to mutum biyu suka kwafa lokaci guda, jerin ya rabe biyu, sunan Gwaggo ya ɓace daga ɗaya, ta yi fushi wai an cire ta.

Ni a ganina laifin ba na masu amsawa ba ne, tambayar ce a buɗe. In ka ce ma mutum 47 yaushe kuke da lokaci, amsa 47 za ka samu kuma ba mai kama da wata. Sai na ce bari in gwada abin matar nan. Abin yana nan cikin WhatsApp tun ƙarshen 2022, wajen da ake tura hoto za ka ga Poll, yana ɗaukar zaɓi har 12, amma kada ka kuskura ka cika su, ƙuri'u warwatsewa za su yi ka rasa ranar da ta yi rinjaye. Huɗu na sa: Juma'a 13 ga wata bayan Isha'i, Asabar 14 bayan La'asar, Lahadi 15 da hantsi, Lahadi 15 bayan La'asar. Da gangan na rubuta da lokacin salla, don in na ce ƙarfe huɗu ba wanda zai zo ƙarfe huɗu. Na ƙara na biyar, duk ba su yi mani ba, saboda in babu wannan, wanda ba shi da sarari shiru zai yi kuma ba ka bambanta shi da wanda bai ga saƙon ba. Na bar Allow multiple answers a kunne, wannan shi ne ƙashin bayan abin, don ba ranar da mutum ya fi so ake nema ba, duk ranakun da zai iya ake nema. Na yi mashi Pin na kwana 7 don kada amin ta binne shi, na ce Laraba bayan Isha'i zan duba.

Mutum 29 suka danna. Lahadi bayan La'asar ta samu 21, Asabar 19, sauran biyun ba su kai goma ba. In ka tara za ka ga sun fi 29, ba maguɗi ba ne, mutum ɗaya ya danna biyu ko uku. Da lamba kawai zan bi da Lahadi ta ci. Amma da na shiga View votes, inda ake ganin sunan kowa ƙarƙashin abin da ya zaɓa, sai na ga Kawu ranar Asabar kaɗai ya danna, kuma na san dalili, Lahadi yana kasuwar Mai'adua, shi ne kuma waliyyin yarinyar. Zama ba shi ai hira ce. Sauran 18 ɗin su ne aikin, don wajen yana nuna maka waɗanda suka danna ne, waɗanda ba su danna ba sai ka ɗauki biro ka bi sunayen 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya. Wasu waya ɗaya suke amfani da ita su da matansu, wasu datarsu ta ƙare, wata inna tamu tsohon WhatsApp ne a wayarta ƙuri'ar ma ba ta buɗe mata ba. Waɗannan kiran su ake yi ɗai-ɗai, in ka koma guruf kana cewa saura su wane, ka sake buɗe ƙofar amin ɗari. Kuma mutum na iya canza zaɓinshi a ɓoye, shi ya sa na ɗauki hoton allon daren Larabar.

Na rubuta Asabar 14 bayan La'asar ina jin kaina. Can sai ga saƙon murya daga Yaya Babba, ba a guruf ba, ni kaɗai. Ya ce wane, ka kyauta, amma mu nan ba zaɓen kansila muke ba, ta yaya za ka sa Kawu layi ɗaya da yaran da aka haifa jiya ya danna waya? Ba ka kira shi ba, ba ka kira Hajiya ba.

Abin ya ƙona mani rai. Na san yana da gaskiya ta wani ɓangaren, da na fara kiran dattawan nan uku na ji ranakun da suka yi masu, sannan in zuba waɗannan ranakun a ƙuri'a don sauran jama'a, da ba a yi haka ba, kuma yanzu haka nake ba kowa shawara. Su ma Jamusawan ba komai nasu nake yabo ba, shekara biyu muna guruf ɗin nan ba wanda ya taɓa tambayata ya gida. Amma don Allah a daina fakewa da ladabi ana ɓata ma mutane lokaci. Sati guda aka yi ana amin ba a tsayar da komai ba, kuma masu cewa a bar shi yadda aka saba duk mutanen da in sun ga dama za su taka zuwa ɗakin Hajiya bayan Magariba su ji yadda ake ciki ne. Ni fa? Ni guruf ɗin nan shi ne zaurena, in magana ta nutse cikin saƙo ɗari to ni ta wuce ni, sai dai in ji an yi.

Ƙarshe Asabar ɗin aka zauna, ranar da na fitar, amma aka ce wai Hajiya ce ta tsayar. Aka jingina waya da fulas ɗin shayi don in riƙa ji, tun ina ganin fuskoki har ta zame na koma kallon silin da fanka. Ina jin muryar Kawu yana lissafin buhunan shinkafa, sau biyu na ce ina da magana, ba wanda ya ji.