Fari a huhu ba shi ne tibi ba

A wani asibiti a nan Kaduna, ranar da aka ɗauke wuta, na ɗaga hoton ƙirjin wani magidanci saitin taga, na ce wa wata ɗaliba ta gaya mini abin da ta gani. Ko numfasawa ba ta yi ba ta ce, "Malam, tibi ne." Na ce, "'Yata, abin da idonki ya gani na tambaya, ban ce ki raɗa wa ciwon suna ba."

A ganina nan ne muke kuskure wajen koyarwa. Muna yaba wa ɗalibin da ya yi saurin canka, alhali hoton ƙirji inuwa ce kawai. Iska takan fito baƙa, ƙashi fari. Ruwa, mugunya, jini da ƙari kuwa duk fari-fari suke fitowa, kusan launi ɗaya.

Sai muka koma farko. Ta duba suna da kwanan wata, ta nemo harafin R mai nuna ɓangaren dama, ta tuna cewa daman mara lafiya yana hagunta. Sannan ta ce: akwai fari a saman huhun dama, ƙarƙashin ƙashin wuya, da wani baƙin rami zagayayye a tsakiyarsa. Madalla. Wannan magana ce da za ta iya rantsewa a kanta.

Ramin ya sa dole a zargi tarin fuka, ban musa ba. Amma maruru a huhu yana yin rami, sankara ma tana yi. Ko da tibin ne, hoto ɗaya ba zai tabbatar mata ko ƙwayar tana raye ba, ko kuwa tabon ciwon da aka warke ne tun tuni. Balle ya faɗa ko ƙwayar tana jin magani. Wannan aikin gwajin kaki ne: na'urar GeneXpert takan nuna ƙwayar cikin kamar awa 2, ta kuma nuna ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibi.

Ta kuma ce zuciyar ta kumbura, don ta wuce rabin faɗin ƙirji. Na nuna mata haruffan AP da aka rubuta a kusurwa, alamar yadda aka ɗauki hoton. A kwance aka ɗauki mutumin, hasken ya shiga ta gaba, kuma hakan yana ƙara wa inuwar zuciya girma. Ma'aunin rabin nan na hoton PA ne, wanda ake ɗauka a tsaye an cika ƙirji da iska, hasken ya shiga ta baya.

Wasu abokan aiki kan ce layi ya yi tsawo, talaka kuma ba shi da kuɗin zirga-zirga, a fara magani kawai. Ina jin su, kuma akwai lokacin da likita zai fara magani ko gwajin bai nuna komai ba. Sai dai bayan ya ji tarihin tari, zufar dare da rama ne, ya kuma gwada. Maganin tibi wata 6 ne, kuma yana iya taɓa hanta.

Ɗalibar ta ajiye hoton, ta ɗauki robar kaki, ta tafi gadon mutumin ta tambaye shi yaushe tarin ya fara.