Amanar majinyaci ba ta faɗuwa don ya zage ka

A ce wata mata ta rubuta a Facebook cewa ta je awo wani asibitin kuɗi, ta shafe awa huɗu a kan benci, nas ta daka mata tsawa a bainar jama'a, aka kuma caje ta kuɗin gwajin da ba a yi mata bayaninsa ba. Manaja ya ɗauko fayil ɗinta, ya ga ita ce ta makara, gwajin kuma likita ne ya rubuta saboda jininta ya hau. Zuciya za ta ce masa ya fito ya wanke asibitinsa.

A ganina, da zarar ya rubuta wannan bayani ya yi laifin da ya fi nata. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi majinyaci sirri ne: ciwonsa, maganin da aka yi masa, har zamansa a asibitin. Ana buɗe shi ne da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta cutar da lafiyar al'umma. Rubutun da ta yi cikin fushi ba izini ba ne. Ita tana da ikon faɗin sirrinta, shi kuwa amana aka ba shi.

Inda masu kyakkyawar niyya ke zamewa shi ne wajen ba da haƙuri. "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da ya faru ranar da kika zo awo" kalma ce mai taushi, amma ta tabbatar wa duniya cewa ta zo, kuma tana da ciki. Wataƙila ma ba ita ce ta yi rubutun ba, wata ce ta ari sunanta.

Ga abin da zai iya rubutawa: "Mun karanta, kuma abin ya dame mu. Bai dace kowa ya daɗe yana jira ba tare da bayani ba, ko a ɗaga masa murya. Doka ta hana mu tattauna lamarin kowa a nan. Ƙofar ofishin manaja a buɗe take, ga lambar da za a same ni." Bai ce ta zo ba, bai ce ƙarya take ba, amma ya nuna tsawar ta dame shi.

Na san za a ce wannan ya bar zargi a tsaye, masu karatu su ɗauka gaskiya ne. Haka ne, asara ce. Sai dai matan da ke karanta amsar suna auna yadda za a yi da nasu sirrin ranar da suka koka. Bayanin hawan jinin kuwa a ofis za a yi mata shi, bayan an tabbatar ita ce, kuma bayan manaja ya tambayi nas ɗin da ke bakin aiki a ranar abin da ya faru.